Waya Ɗaya, Asusu Uku, Lambobi Sun Ɓace

Da Baba ya sayar da masara a Funtuwa, sai ya sayo mana waya ɗaya, mu biyu da Yaya. Yaya ne ya fara sa asusunsa na Google, mu kuma muka ƙara namu.

Tun ranar wayar ba ta huta da ƙara ba, domin kowane asusu sanarwarsa daban. Saƙon makaranta ya taɓa shigo mana, Yaya ya share sanarwar yana zaton tasa ce. Sai bayan kwana uku muka gani.

Ranar da zai tafi karatu Zariya ya cire asusunsa. Nan take lambobin malamanmu da na 'yan ajinmu suka ɓace. Ashe duk lambar da muka adana, asusunsa take shiga, don shi aka zaɓa a "Default account for new contacts". Lambobin ba su goge ba, sun bi shi ne. Daga can ya turo mana su har Mahuta.

Yanzu kafin mu danna "Save", sai mun duba adireshin imel ɗin da ke sama. In ba namu ba ne, mu canza.