Takardar da Baba ya aika wa Malam

Ƙyanda ce ta kwantar da ni a shekarar da na kai Walluha, har allona da ke jingine a bayan randa ya yi ƙura, tawadar kurtuna ta bushe ta tsattsage, ɗakin Inna kuwa ba abin da yake yi sai warin hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Da na miƙe, sai ni ne har da taƙama wai izu guda ya kusa cika.

Daren da zan koma Baba ya kira ni zaure. Bai ce in fara daga kan sura ba, tsakiyar Lam yakun ya jawo aya ya yi shiru yana jirana. Na yi ta maimaita abin da ya faɗa, na kuma maimaitawa, daga nan na zarce cikin wata sura dabam ban ma sani ba. Bai ce komai ba. Ya fere alƙalamin kara, ya jawo aci-balbal kusa, ya yi ta rubutu da ajami.

Ni na kai takardar da kaina, an naɗe ta tare da goro da kuɗin Larabar da suka taru. Malam yana kan buzunsa ya warware, ya karanta a fili, gardawa suna ji. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar iyali da almajirai, sai neman gafara: yaro ciwo ya yi, ba gudun makaranta ba, don Allah a ɗaga masa bulala har ƙafarsa ta yi ƙwari. Nan na ji sanyi a raina. Ashe da saura. Wai shi Baba ya gwada ni, karatun baya ya zube, saboda haka in Malam ya yarda a mai da ni Lam yakun, kada a yi mini ƙari sai na kawo tilawar baya ba gargada, kuma kada in wanke allo sai Malam da kansa ya ji, ba wani gardi ba. A ƙasa har da saƙon Inna, wai a bar ni a inuwa saboda idanuna. Haza wassalam.

Yanzu nakan yi mamakin wannan yaro mai tabon ƙyanda, yadda ya ɗauki hukuncinsa da hannu biyu ya durƙusa ya miƙa. Sura biyar aka mai da ni baya, waɗanda na bari a Wattini suka wuce ni suna gwalo, na yi kuka har da majina.

Malam ya ninke takardar ya soka a gafakarsa, ya ce in je in wanke allo. Sai bayan Babbar Salla na sake isa Walluha.