Gas ko Gawayi: Lissafin da Na Yi a Bayan Littafin Lakca

Waɗanda muke tare a Ibadan sun san ni da kular garau-garau. Tun da na fara mastas, shinkafa da wake da mai da yaji ne ke biya mini kuɗin haya a Agbowo da kuɗin buga takardu, ranar Asabar kuma na yi masa. A makon nan mutum uku suka yi mini tambaya ɗaya: wadda za ta fara sayar da abinci, gas za ta saya ko gawayi? Maimakon in yi ta maimaitawa, bari in faɗi yadda ta kaya da ni.

Da gawayi na fara, don shi na sani a gida, kuma kurfoti ba ya cin jari. Ga shi duk ranar da muka yi waya da Umma sai ta ce, "'Yar nan, ban da gas fa. Ba na son abin da zai tashi da ke a garin mutane." Ni ma a raina na yanke cewa gas na masu kuɗi ne. Buhun gawayi a lokacin naira 9,000, cika tukunyar gas mai kilo 12.5 kuwa naira 15,000. Ina ganin tara da sha biyar na ce magana ta ƙare.

Wadda ta warware mini ita ce wata Hajiya mai tuwo a Sabo, wurin da nake zuwa idan kewar gida ta dame ni. Na ga tana da gas ga kuma murhun gawayi can gefe, na ce, "Hajiya, ba ɓarnar kuɗi ba ne wannan?" Ta yi dariya ta ce, "'Yata, ke da ake cewa kina babban karatu. Buhun naki kwana nawa yake yi miki?" Wallahi ban sani ba. Wata huɗu ina sana'a, ban taɓa ƙirgawa ba.

Na koma gida na ɗauki biro. Na ari tukunyar gas ta wata maƙwabciyata da ta tafi hutu, na cika ta, na yi girkina na kullum: faranti talatin na garau-garau da tukunyar miya ɗaya. Sau ɗaya da gawayi zalla har buhu ya ƙare, sau ɗaya da gas zalla har tukunya ta ƙare.

Buhun gawayi ya yi mini girkin kwana shida. Naira 1,500 ke nan a rana, idan na haɗa da ɗan kananzir na hurawa ya zama 1,600. Gas ya yi kwana takwas, wato naira 1,875 a rana. Bambancin naira 275 ne, wanda idan aka raba shi a kan faranti talatin bai kai naira goma ba. To ina tazarar da nake hange?

Dalilin yana bakin murhu. Wutar gas a ƙarƙashin tukunya take, kusan rabin zafinta na shiga girki. Kurfoti kuwa yawancin zafinsa gefe yake fita, shi ya sa ƙafafunki ke gasuwa alhali wake bai nuna ba. Sannan gawayi yana ci tun kafin ki ɗora tukunya, yana kuma ci bayan kin sauke. Shi ya sa kilo ɗaya na gas kan yi aikin kilo uku zuwa huɗu na gawayi. Ƙari a kan haka, buhun da kika saya ba duka ne gawayi ba. Sai kin kai ƙasa za ki tarar da gari da ƙasa, wani lokacin har da guntayen itacen da bai gama ƙonewa ba, mai tada hayaƙi.

Akwai abin da ya fi ba ni haushi. Watannin da na fara, ba buhu ma nake saye ba, ƙullin leda nake saye na naira 500, huɗu a rana. Naira 2,000 ke nan. Ashe duk lokacin da nake gudun gas saboda tsada, ina kashe abin da ya fi kuɗin gas. Amma ban ga laifin mai sayen leda ba. Dubu biyu tana fita daga cinikin jiya, dubu sha biyar kuwa sai an tara, ban da kuɗin sayen tukunyar da kan murhun tun farko. Ga mai ƙaramin jari, wannan ita ce tsadar gas ta gaskiya: a dunƙule ake biya.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi shafar ɗaliba. Kafin gawayi ya kama ya yi jajir nakan ci minti ashirin zuwa ashirin da biyar ina fifita. Idan damina ce, kun dai san ruwan Ibadan, gawayin kan sha danshi ko a cikin buhu, sai ya yi ta hayaƙi yana mutuwa. Da gawayi ina farawa ƙarfe biyar in gama takwas da rabi. Da gas na fara ƙarfe shida na gama takwas da kwata. Masu sayen abincina yawancinsu kafin lakcar ƙarfe tara suke karɓa, wanda bai same ni ba ya wuce wurin masu burodi da ƙwai. Ribata a faranti kusan naira 250 ce, don haka mutum biyu idan suka wuce ni, na yi asarar da ta fi wancan bambancin na 275. Akwai ranar da na shiga ganin malamin da ke duba aikina a makare, mayafina na ƙaurin hayaƙi. Bai ce komai ba, agogo kawai ya kalla. Da ma zagina ya yi.

Duk da haka ban jefar da kurfoti ba. A kwanakin gas zalla na lura wake ne ke shanye mini shi, don yakan haura awa a kan wuta. Shi wake ba ya son a tsaya masa, wuta mai ɗorewa kawai yake so, kuma nan gawayi ya fi. Masa ma haka. Da na ɗora tanda a kan gas, ramukan tsakiya suka ƙone, na gefe ba su soyu ba, saboda wutar wuri ɗaya take bugu. Garwashi kuwa ya baje ƙarƙashin tandar baki ɗaya.

Yanzu ga yadda nake yi. Na jiƙa wake tun dare. Kafin sallar asuba na hura kurfoti a tsakar gida na ɗora shi, na je na yi salla na yi wanka. Ina fitowa na soya miya a gas, sannan na ɗauko waken da ya kusa nuna na zuba shinkafa na ƙarasa a gas, inda zan iya rage wuta kada ta kama. Sauran garwashin ya riƙe mini miya da ɗumi. Da wannan tsarin gas ya koma kwana goma sha uku, buhu kwana goma sha takwas. Kusan naira 1,650 ke nan a rana, daidai da kuɗin gawayi zalla in ban da naira hamsin, ga shi ina gamawa da wuri.

Yanzu bari in zo kan tsoron Umma. Abin mamaki, wanda ya kusa kai ni ƙasa ba gas ba ne. Wata asuba a watan Yuni ruwa ya tsuge, na jawo kurfoti cikin ɗan kicin ɗinmu na turo ƙofa saboda feshi. Gawayin ya riga ya kama, babu hayaƙi ko kaɗan, sai na ɗauka lafiya lau ne. Bayan kamar rabin awa kaina ya fara sarawa, zuciyata na tashi, na miƙe jiri ya ɗebe ni. Na ce ai rashin barci ne. Allah ya taimake ni da abokiyar zamana, Bayarabiya ce mai karatun jinya. Tana leƙowa ta wangale ƙofa da taga, ta ja ni waje, ta fitar da kurfotin cikin ruwan. Ita ta bayyana mini cewa garwashi a rufaffen wuri yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Mutum sai ya ji kasala ya ce bari ya ɗan kwanta, daga nan ba a tashi. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, musamman idan duk wanda ke ɗakin ya ji lokaci ɗaya kuma aka ji sauƙi da an fita. Tun ranar, gawayina a waje yake, ko ana ruwa sai dai ƙarƙashin rumfa.

Shi gas ko ba komai yana da wari, da gangan ake sa masa don a gane idan yana fita. Amma ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya ya taru, yana jiran tartsatsi. Ni ɓera ne ya taɓa tauna mini tiyo. Da safe na ji warin, ban kunna ashana ba, ban taɓa makunnin lantarki ba. Na kashe daga kan tukunya, na buɗe ko'ina, sannan na shafa ruwan sabulu a jikin tiyon da mahaɗarsa. Inda ya yi ta kumfa, nan ne hujin. Ban naɗe shi da leda ba, sabo na saya. Yanzu duk lokacin da na cika gas sai na yi wannan gwajin, kuma kullum da na gama girki daga kan tukunya nake kashewa, ba daga murhu kaɗai ba.

Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce. Idan ta koma ja-ja tana baƙanta gindin tukunya, ramukan murhun sun toshe, kuɗinki ne ke ƙonewa a banza. A wurin cikawa kuma, nauyin tukunyar ba komai a ciki yana rubuce a jikinta, kusa da haruffan TW. Ki sa a ɗora a sikeli a gabanki kafin a zuba da bayan an zuba, kuma kada ki roƙi gyara, don da gangan ake barin sarari a sama saboda gas na buɗewa idan ya ji zafi. Mai haɗa biyun irina kuwa, kada ta kuskura ta ajiye tukunyar gas kusa da kurfoti. Nawa akwai bango a tsakaninsu.

Farashin da na kawo na lokacin da na yi lissafin ne, yau ya riga ya canza. Abin da bai canza ba shi ne tambayar Hajiya. Ki rubuta ranar da kika buɗe buhu da ranar da ya ƙare, haka ma gas, ki raba kuɗin da kwanakin. Mai awara ko indomi da ake jira a tsaye lissafinta ba zai zo ɗaya da na mai ganda ba.

Umma dai har yanzu ba ta gama yarda ba. Da na ba ta labarin kicin ɗin nan ta yi shiru, can ta ce, "To shi gawayin ma ban da shi a ɗaki." Na ce to Umma.

Gobe akwai garau-garau in sha Allah. Masu bashin makon jiya, na san ku kun san kanku.