Abin da ɗankwali ke rufewa: raguwar gashi a shekarun ɗaukewar al'ada

A Sabon Birni da Isa, kamar sauran ƙasar Gobir, kan mace na ƙarƙashin ɗankwali da hijabi, don haka wadda ke fara lura cewa gashi ya ragu ita ce makitsiya. Ita ke ganin tsagar tsakiyar kai ta faɗaɗa, ita ke jin kitson da ke cika mata hannu a da ya sirance. Idan mai kan ta haura shekara 45, sai a ce girma ne, a sayo man gashi. Amma abubuwa uku daban ke haddasa wannan raguwa, kuma a ɗaya daga cikinsu jinkiri na jawo hasarar da ba ta dawowa.

A kan mutum akwai gashi kusan 100,000. Kowane sili yana tsiro na shekara 2 zuwa 6, ya huta kamar wata 3, sannan ya faɗi, sabo ya fito daga saiwar. Zubar sili 50 zuwa 100 a yini lafiya ce. Matar da ta bar kitso na mako biyu za ta ga sili 700 ko fiye a ranar tsifa, domin waɗanda suka tsinke sun maƙale cikin kitson. Dunƙulen da ke kan mataji ba ya tabbatar da cuta shi kaɗai.

Dalili na farko shi ne sauyin sinadaran jiki. Ana cewa al'ada ta ɗauke idan an yi wata 12 babu jini, yawanci tsakanin shekara 45 da 55. A wannan tsakani sinadarin istirojin yana raguwa sosai, androjin kuma yana raguwa a hankali, sai tasirinsa ya rinjaya. Ga wadda ta gaji saiwa mai saurin jin androjin, lokacin tsiro yana gajarcewa, kowane sabon sili ya fito ya fi na baya siranta. Alamarsa ita ce tsaga ta faɗaɗa a saman kai cikin shekaru, gashin goshi na nan, fatar ba ƙaiƙayi ba ciwo. Saiwar na da rai, ƙanƙancewa ta yi.

Na biyu zuba ce ta lokaci guda daga ko'ina a kai, wadda ke biyo bayan girgizar da jiki ya sha da wata 2 zuwa 3: zazzaɓi mai tsanani, tiyata, rama, ko firgici. A yankin da hare-haren 'yan bindiga suka tilasta wa iyalai da yawa gudun hijira zuwa jihar Maraɗi tun 2019, wannan dalili ba baƙo ba ne. Ƙarancin sinadarin ƙarfe da matsalar tayirod su ma suna jawo ta. Idan an kawar da musabbabin, gashin kan dawo cikin wata 6 zuwa shekara.

Na uku shi ne tabo. Kitso mai tsauri na shekaru yana cinye gefen goshi da saman kunne. Akwai kuma wani kumburin saiwa da ya fi yawa ga mata baƙar fata, wanda ke farawa daga tsakiyar kai yana yaɗuwa kamar da'ira. Saboda wurinsa ɗaya da na sauyin sinadarai, ana yawan rikita su. Bambancin yana fata: ƙaiƙayi, zafi, ciwo idan an taɓa, sannan fili mai santsi da sheƙi wanda ba a ganin kofofin gashi a cikinsa. Inda tabo ya zauna, saiwa ta mutu. Wannan ne ke buƙatar likitan fata da wuri, domin a kashe kumburin a ceci ragowar.

A ɗauki misalin malamar firamare mai shekara 48 a Sabon Birni. Shekara biyu ke nan al'adarta ta rikice, tana tsallake wata, idan ta zo kuma ta yi kwana tara da gudaji. Tsagarta ta faɗaɗa a hankali, amma a watanni huɗun baya zubar ta ƙaru, tana haki idan ta yi tafiya kaɗan. Fatar kanta lafiya, ba sheƙi ba ciwo, kuma silin da ke faɗuwa yana da ɗan farin ƙulli a gindi, alamar daga saiwa ya fito, ba karyewa ya yi ba kamar gashin da rilaksa ta ci. Wannan mata tana ɗauke da dalili biyu a tare: sirancewar sinadarai, da zubar ƙarancin ƙarfe sakamakon yawan jini.

Matakinta na farko awon jini ne. Himogulobin ƙasa da 12 ga mace yana nuna ƙarancin jini, kuma babban asibiti na yin wannan awo. Feritin, wato ma'ajin ƙarfe na jiki, da awon tayirod kan buƙaci babban ɗakin gwaji irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Tun da hanyar ba mai sauƙi ba ce, ya fi a haɗa awon da ganin likitan mata a tafiya ɗaya, domin yawan jinin na iya zama daga ƙarin mahaifa. Idan feritin ya gaza 30, za ta sha ƙwayar ƙarfe, ta ci gaba kamar wata 3 bayan jininta ya daidaita, kuma ta nisanta shanta da shayi, domin yana hana ƙarfe shiga jiki.

Sirancewar kuwa, maganin da ya fi tabbatacciyar hujja shi ne minoksidil na shafawa: mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, mililita ɗaya sau biyu a yini, ko kumfa mai kashi 5 sau ɗaya. Fatar kai ake shafa wa, don haka layukan kitso na taimakawa. Yana son awa huɗu kafin ruwa ya taɓa wurin, shi ya sa bayan sallar isha'i ya fi dacewa da mai alwala, kuma a bar shi ya bushe kafin a ɗaura ɗankwali. A makonnin farko zuba kan ƙaru, a nan ne mata da yawa ke watsar da shi, alhali tsoffin silai ne ke ba sababbi wuri. Ba a yanke masa hukunci kafin wata 6, kuma hoton tsaga a wuri ɗaya da haske ɗaya duk wata 3 ya fi madubi gaskiya.

Iyakarsa a fili take. Yana tsayar da raguwa, wasu kuma ya ƙara musu kauri, amma ba ya maido gashin 'yan matanci. Idan an daina, abin da aka samu kan zube cikin watanni, saboda haka kuɗinsa na kowane wata ne. Yana iya fito da gashi a kumatu, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta amfani da shi. Matar da al'adarta ke tsallake wata tana iya ɗaukar ciki har yanzu. Maganin maye gurbin istirojin ana ba da shi ne don zafin jiki da gumin dare, ba don gashi ba. Man kaɗe, man shanu da karkashi suna tausasa sili su rage karyewa, amma ba sa isa ga saiwa. Ƙwayar biyotin ba ta da amfani ga wadda ba ta rasa ta ba, kuma tana iya gurɓata sakamakon awon tayirod.

Abin da ba ya cin ko sisi shi ne sassauta kitso. Kitson da ke hana barci ko ya fito da ƙuraje a goshi ya yi tsauri, a warware shi a ranar. Wadda kuma ta ga gashinta na zuba da sauri tare da fitar gemu da kaurin murya, ko ta ga jini bayan shekara guda da ɗaukewar al'ada, ta ajiye maganar gashi ta nemi likita cikin makon.