Mijina, Motata, Fartanyata

Bahaushe ya fi mutane da yawa dacewa da fahimtar matsalar karin sauti, domin da shi yake magana kullum ko da bai taɓa jin sunansa ba. Kalmar "baba" kaɗai ta isa shaida. Idan muryar ta fara daga ƙasa ta hau, mahaifi ake nufi. Idan ta fara daga sama ta sauko, ’yar’uwar mahaifi ce. Idan ta tsaya a sama aka ja ƙarshenta, an koma marina, ana zancen baban rini. Ba ma sa alamar wannan a rubutu, amma kunnenmu ba ya kuskurensa. Sai dai wannan gata yana da iyaka, kuma iyakar tana bayyana a wuri mafi muni: lokacin da mutum ya so ya faɗi magana mai taushi a harshen wani.

Hausa tana da matakin murya biyu, sama da ƙasa, sai faɗau wanda ke haɗa su a gaɓa ɗaya, kamar bambancin "kai" na wanda ake wa magana da "kai" na bisa wuya. Yarbanci yana da uku: ƙasa, tsakiya da sama. Malaman Yarbanci suna koyar da su da sunayen dò, re, mí, kuma a rubutu na tsakiyar ne ba a sa wa alama. Shi ne kuma tarkon Bahaushe, domin ba shi da gurbinsa a baki. Idan ya ji shi, sai ya tura shi sama ko ya ja shi ƙasa.

A ɗauki kalmar miji, wato ọkọ, wadda gaɓoɓinta biyu duk a tsakiya suke. Idan gaɓa ta biyu ta sauka, ta zama ọkọ̀, mota ko jirgi. Idan ta hau, ta zama ọkọ́, fartanya. Idan duka biyun suka sauka, ọ̀kọ̀ ke nan, mashi. Wata ƙawata da ta auri Bayarabe ta gaya mini cewa ta yi watanni tana gabatar da shi ga baƙi da "ọkọ mi", mijina, tana ganin ana murmushi, tana ɗauka jin daɗin ƙoƙarinta ake yi. Wata ƙanwar mijin ce daga baya ta ja ta gefe ta ce, "Anti, kin san dai kullum motarki kike nuna mana?" Abin da ya faru mai sauƙin bayani ne. A Hausa, murya tana gangarowa yayin da jimla ke tafiya, don haka bakinta ya saba sauke abin da ya zo daga baya. Ga kuma wata ƙa’idar Yarbancin da ta ƙara matse ta: kafin "mi", ana ɗan jan wasalin ƙarshe da karin ƙasa, har a ji kamar ọkọọ̀ mi. Ke nan a "mijina" ma akwai saukar murya, sai dai dole a fara tsayawa a tsakiya kafin a sauka. Ita kuwa tana sauka tun farkon gaɓar. Tazarar da ke tsakanin mijin da motar ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne ìyá, uwa, da ìyà, azaba ko wahala. Dukansu daga ƙasa suke farawa. A ta farko gaɓa ta biyu tana tasowa daga ƙasan ta hau sama, a ta biyu kuwa tana zama a ƙasa. Amaryar da ta durƙusa gaban surukarta, ta sassauta murya saboda ladabi da kunya, tana cikin haɗarin kasa kai muryar sama, ta kira tsohuwar "wahalata" a maimakon "uwata". Akwai kuma mafi muni a kusa da kalmar miji, idan aka haɗa kuskuren kari da na wasali. Yarbanci yana bambanta ọ da o, Hausa ba ta yi, kuma okó sunan al’aurar namiji ne. A nan an bar shirme an shiga batsa.

Abin da na lura shi ne ladabi da ƙauna su ne ke jawo kuskuren. Muryar da muke nuna tausayi da ita, ita ce dai muryar da harshen ke bambanta kalmomi da ita. Ɗan harshe ya san yadda zai tausasa magana ba tare da ya taɓa tsarin karin ba: ya rage ƙarfi, ya ja numfashi, amma sama na nan sama. Mai koyo kuwa yana tausasa komai gaba ɗaya.

Mandarin, babban harshen ƙasar Sin, ya fi nuna wannan a fili, ko da yake tsarinsa daban ne. Yarbanci matakai ne, Mandarin kuwa lanƙwasa ce a cikin gaɓa. Masanin harshe Chao Yuen Ren ya raba faɗin murya gida biyar, 1 ƙasa, 5 sama, kuma da wannan ma’auni ake kwatanta kari huɗu na harshen: 55 mai tsayawa a sama, 35 mai hawa, 214 mai nutsewa ya taso, da 51 mai faɗowa. Kalmar so, ài, tana da na huɗun, wanda ga kunnen baƙo yake kama da tsawa. Saurayin da zai ce "wǒ ài nǐ", ina son ki, ba ya jin daɗin faɗo da muryar da ƙarfi haka, sai ya lanƙwasa ta a hankali, ta zama ǎi, gajere. Jimlar ta tashi daga aiki. A nan dai Bahaushe yana da sa’a, domin faɗaunmu na "yau" ya yi kusa da wannan kari.

Kuskuren yana juyawa ta ɗaya ɓangaren ma. Wèn tambaya ce, wěn sumba. Ɗan kasuwar da ya je sari Yiwu, ya so ya ce wa mai kanti "ina so in tambaye ki", idan ya tausasa faɗuwar saboda girmamawa, ya nemi abin da bai yi niyya ba. Akwai ƙarin rikici: idan kari na uku ya zo kafin wani na uku, na farkon yana komawa na biyu. Don haka wěn nǐ ana furta shi wén nǐ, daidai da "in sunsune ki".

Bai kamata a zuzuta lamarin fiye da kima ba. Yawancin kuskuren kari ba ya ɓatar da kowa, domin mahalli yana gyara shi. Babu wanda zai yarda cewa mace ta auri mashi. Haɗarin yana wurin da kalmomin biyu za su iya zama a gurbi ɗaya kuma jimlar ta ba da ma’ana, kamar uwa da wahala, ko tambaya da sumba. Irin waɗannan tagwaye kaɗan ne, ana iya lissafa su a haddace.

Hanyar gane ko mutum yana daidai ita ce ya cire baƙaƙe da wasula, ya bar muryar kaɗai, kamar yadda gángan na Yarabawa da kalangunmu suke yi. Ya rufe baki ya yi gunjin kalmar, ko ya yi fito da ita, ɗan harshe ya faɗi wadda ya ji. Ƙawar tawa haka ta yi da ƙanwar mijinta: re-re, re-dò, re-mí, har sai da yarinyar ta daina cewa "mota".