Naira 50,000, lissafi uku

Tun da na fara rubutu kan harkar talla, tambayar da 'yan kasuwa suka fi yi mini ita ce: tsakanin CPM da CPC da CPA, wanne za su duba? Nakan ce musu kuɗi ɗaya ne ake kasawa sau uku, abin da ake kasa shi a kai ne ya bambanta.

Mu ƙaddara wata mai turaren wuta a Kano ta zuba naira 50,000 a Facebook. Tallarta ta bayyana sau 100,000, an latsa ta sau 1,000, mutum 10 suka saya. Kowace bayyana dubu ta ci naira 500, wannan shi ne CPM. Kowace latsawa ta ci naira 50, CPC ke nan. Kowane mai saye kuwa ya ci mata naira 5,000, shi ne CPA. Idan ribarta a kwalba naira 4,000 ce, to tana asarar dubu guda a kowane ciniki, alhali alƙaluma biyun farko suna faranta mata rai.

Sai ta taƙaita tallar ga matan da ke shirin biki. Masu talla da yawa na rububin waɗannan, don haka farashi ya hau: da kuɗin nan dai, bayyana 40,000, latsawa 500. CPM ya kai naira 1,250, CPC ya ninka zuwa 100. Amma mutum 20 suka saya, CPA ya sauko 2,500. Tallar da ta fi tsada a ido ita ce ta kawo riba.

Ba wai sauran biyun ba su da rana ba. Mai sabon shago da ke son unguwa ta san sunansa, CPM ne ma'auninsa, muddin ya tuna bayyana ake ƙirgawa ba mutane ba. Mutum guda na iya ganin talla sau goma. CPC kuma yana da amfani wajen gwada hotuna biyu a kan jama'a ɗaya, a ga wanda ya fi jan hannu. Latsawa mai arha ƙwarai ni dai takan sa ni zargi, domin yatsa kan zame a waya.

CPA ma yana da nasa tarkon. Ciniki uku ko huɗu ba su isa a yanke hukunci ba, kuma wadda za ta dawo saye duk wata ta cancanci a kashe mata fiye da ribar kwalba ɗaya. Sannan a nan yawancin ciniki a WhatsApp ake ƙulla shi, a biya ta banki, shafin talla bai gani ba. Abin da zai nuna a matsayin sakamako sau da yawa saƙon da aka turo ne, har da na masu tambayar farashi su ɓace. Sai mai turaren ta riƙa tambayar kowace mai saye inda ta ga kayan, ta rubuta a littafi, ta yi rabon da kanta a ƙarshen mako.