Yadda arhar lita ta so ta cinye min kuɗin ɗaki

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Na san cikinmu akwai masu ɗan buga-buga a gefe, wani da babur, wani da motar aro, to wataƙila abin da ya same ni ya hana wani asara.

Ni dai a Ibadan nake karatu. Ina da kawu a Sabo, ƙanin mahaifiyata, yana harkar kayan gwari. Da kuɗin ɗaki ya fara fin ƙarfina, sai ya ce in riƙa kai wa masu gidajen abinci albasa da tattasai da attaruhu a Agbowo da Bodija da Mokola, kwana uku a mako, ranakun da lakca ba ta matse ni ba. Abin da aka ɗora na kai kaya nawa ne, kusan dubu 40 a mako, amma mai da juyen baƙin mai a wuyana suke. Ya nuna min motoci biyu. Ɗaya Siyana ce mai shan fetur, fes da ita, har da na'urar sanyi. Ɗayar kuma tsohuwar J5 ce mai shan dizal, wato abin da direbobi ke kira gas, fentinta duk ya koɗe, in ta tashi sai unguwa ta sani.

Ban ko tsaya tunani ba. A wancan makon fetur naira 910 muke sayen lita, gas kuwa 1,140. Na ce a raina, wane mahaukaci ne zai bar mai arha ya ɗauki mai tsada? Kuma gaskiya, in ba ɓoye-ɓoye ba, na hango kaina ina shiga makaranta da Siyana. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, ka tabbata?" Na ce, "Kawu, ai lissafi ne." Ya yi murmushi ya miƙo min makulli.

Wata guda ina wannan aiki, kuɗi na shigowa amma ba sa zama. Kullum in na shiga gidan mai sai in ce a sa min na dubu goma, in riƙa kallon allurar tanki ina jin daɗi ta ɗan ɗaga. Kwana biyu ta sake kwanciya. Ƙarshen wata na ƙirga abin da ya rage, na ga bai kai dubu 60 ba, ga mai gidan haya ya fara gaishe ni da wata irin gaisuwa. Abokin ɗakina, wanda ke karanta injiniyanci, ya tambaye ni, "Kilomita nawa motar ke yi da lita ɗaya?" Wallahi ban sani ba. Ya ce, "To ashe ba ka san tsadarta ba. Kai farashin lita kawai ka sani, alhali ba lita kake kai wa kwastoma ba, hanya kake ci."

Shi ya nuna min yadda ake aunawa, kuma ba wuya. Ka cika tanki har bututun famfo ya katse da kansa, ka rubuta lambar da ke kan mitar tafiya. Ka yi aikinka yadda ka saba, da lodinka da gosulonka. Bayan kwanaki ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan dai, ka sake cikawa har ya katse. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce motar ta ƙone. Sai ka raba nisan da ka yi da wannan litar. Allurar tanki ba ta auna komai, don a motoci da yawa tana daɗewa a sama sannan ta zube da sauri in ta wuce rabi. Kawu ne ya ranta min kuɗin cikon farko, don aljihuna ba zai iya ba.

Na yi mako guda da Siyana. Mita ta nuna 113, tanki ya sha lita 28. Da na raba sai na samu kusan 4. Gabana ya faɗi, na ce wannan ai rijiya ce ba mota ba. Abokina ya leƙa gaban motar ya kwashe da dariya. Ashe daga Amurka aka shigo da ita, manyan lambobin agogon gudu an rubuta musu MPH, mitar kuma mil take ƙirgawa ba kilomita ba. Mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka mil 113 kusan kilomita 182 ne. In ka raba 182 da 28, ka samu kilomita 6.5 a kowace lita. Duk mai tuƙa motar da aka shigo da ita daga Amurka ya duba wannan, in ba haka ba lissafinsa zai karkace tun daga tushe.

Mako na gaba na ajiye girman kai na karɓi J5. Hanya ɗaya, kwastomomi ɗaya, lodi kusan ɗaya, don in ka gwada wata a titin Legas zuwa Ibadan, ɗayar kuma a cunkoson Ojoo, ba ka yi musu adalci ba. Tata mitar kilomita take ƙirgawa, na kuma gwada ta da taswirar waya na ga sun yi daidai. Ta yi kilomita 190 da lita 20, wato 9.5 a kowace lita.

Daga nan saura mataki ɗaya: ka raba farashin lita da kilomitar da lita ke kai ka, sai ka samu kuɗin kowace kilomita. Siyana, 910 a raba da 6.5, naira 140 ke nan. J5, 1,140 a raba da 9.5, naira 120. Na sake dannawa a waya har sau uku don ban yarda ba. Motar da manta ya fi tsada da naira 230 a lita ita ce ta fi arha da naira 20 a kowace kilomita.

In ka natsu dalilin a fili yake. A lokacin, gas ya fi fetur tsada da kusan kashi 25 cikin ɗari, amma J5 ta fi Siyana nisan tafiya da kusan kashi 46 cikin ɗari a lita guda. Muddin ratar nisa ta fi ratar farashi, mai tsadar ne ke da arha. Kuma ba tsafi ba ne: litar gas ta fi litar fetur ƙarfi a cikinta, injin gas yana matse iska fiye da na fetur don haka ya fi cin moriyar man, ga shi Siyana silinda shida gare ta, J5 huɗu. Ni kuma na ƙara wa kaina da kunna sanyi a cikin gosulo kamar wani ɗan majalisa.

Naira 20 kamar ba komai ba, ko ruwan leda ba za ta saya ba. Amma ina yin kusan kilomita 180 a mako. Da Siyana man mako 25,200 ne, da J5 kuma 21,600. Cikin dubu 40 ɗin nan, ɗaya ta bar min 14,800, ɗayar 18,400. A wata bambancin ya kai 14,400. Ɗalibi ya san abin da wannan kuɗi ke yi.

Da na kai wa Kawu takardar ina ta zumuɗi, ya karanta ya ce, "Madalla, amma mota ba mai kaɗai take ci ba. Ina baƙin mai?" Nan ma ya kama ni. Bakanikensa yana yi wa J5 juye duk bayan kilomita 3,000 saboda tsufanta, da matatar baƙin mai da ta gas, abin yana kai dubu 36. Wannan naira 12 ce a kowace kilomita. Siyana kuwa dubu 30 duk bayan kilomita 5,000, wato naira 6. Da na haɗa, J5 ta koma 132, Siyana 146. Rata ta ragu daga 20 zuwa 14, abin da nake tsira da shi a wata ya dawo kusan dubu goma. Har yanzu J5 ce a gaba, sai dai ba kamar yadda na fara murna ba. Kuma Kawu ya gargaɗe ni cewa in na sha gurɓataccen gas na bakin hanya ya lalata nozul ko famfon injin, gyara ɗaya zai iya lashe ribar wata da watanni. Shi ya sa ba na sayen na jarka komai arharsa.

Abu na ƙarshe da na koya shi ne amsar nan ba ta dindindin ba ce. Duk mun ga abin da ya faru bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki. Kafin lokacin, fetur na da tallafi gas ba shi da shi, har gas ya ninka fetur fiye da sau uku. A wancan zamani da Siyana ce za ta ci wannan gasa ba tare da gardama ba. Kenan tunanina na farko ba daga sama ya faɗo ba, tsohon lissafi ne na riƙe bayan kasuwa ta canza.

Don kada a sake mamaya ta, na nemo iyakar da motocin biyu za su yi kunnen doki. In fetur na nan a 910, Siyana na cin 146 a kilomita. Na cire 12 na juyen J5, saura 134, na ninka da 9.5, ya ba ni kusan 1,270. Ma'ana, ranar da gas ya haura naira 1,270 fetur bai motsa ba, J5 ta daina yi min rana. Na rubuta lambar a takarda na manna kusa da sitiyari, duk lokacin da farashin ɗayansu ya motsa sai in sake bugawa. Ita ma awon tankin ina maimaita shi duk wata, don in 9.5 ta fara sauka zuwa 8 ba tare da na ƙara lodi ba, to akwai magana: ko iskar taya ta ragu, ko matatar iska ta toshe, ko wani wuri na yoyo.

Yanzu wata na uku ke nan ina jan J5. Abokai sun sa min suna Sarkin Gwari, in na faka a bakin ƙofar makaranta masu gadi sai sun tambaye ni ko albasa ta sauka. Ba komai. Na biya kuɗin ɗaki, na mayar wa Kawu rancensa na cikon tanki, mai gidan haya ma gaisuwarsa ta dawo daidai.

Wanda ke da babur ko mota a cikinku, don Allah ya cika tanki sau biyu a makon nan ya raba ya gani, in ya samu lambarsa ya faɗa mana mu kwatanta. Allah Ya sa mu gama karatun nan lafiya, Ya maida mu gida da abin da muka zo nema.