Suyar Gahawa a Kasko

Ya kai mai karatu, idan ka taɓa tsayawa kusa da mai suyar gyaɗa, to ka riga ka san rabin abin da zan faɗa maka. Kasko ne da wuta da juyawa. Sauran rabin shi ne inda gahawa ta bambanta da gyaɗa, kuma a nan ne akasarin masu koyo suke asarar kayansu. Gahawa ita ce abin da mutane da yawa suke kira kofi. Na fi son kalmar gahawa, wadda muka aro daga Larabci, domin kofi a Hausa yana kuma nufin abin da ake zuba shayi a ciki.

A unguwarmu ta Majidaɗi, cikin Jalingo, shayi ne sarki. Wanda yake son gahawa yakan sayi garin gwangwani a wurin mai shayi. Amma a cikin jiharmu ta Taraba ake noma ita kanta gahawar, a kan tsaunin Mambila, wajen Gembu, a ƙaramar hukumar Sardauna. Ƙasar can tana da tudu da sanyi da yawan ruwan sama, irin yanayin da itacen yake so, kamar tsaunukan Habasha inda asalinsa yake. Motocin da suke gangarowa ta Serti da Bali sukan zo da ita ɗanya, kuma ta hannun wani ɗan'uwa mai bin wannan hanya nake samun tawa.

Ɗanyar ƙwayar gahawa ba baƙa ba ce. Launinta kore-kore ne mai toka-toka, tana da tauri kamar tsakuwa, kuma warinta na ɗanyar ciyawa ne. Idan ka dafa ta haka, ba za ka ji komai ba sai bauri. Duk ƙamshin da ka sani wuta ce take fito da shi. Wani lokaci za a kawo maka ita da wani ɓawo fari-fari mai kama da takarda. Sai ka surfa ta a hankali a turmi, ka bakace, har koriyar ƙwayar ta bayyana. Daga nan ka baza ta a faifai ka tsince tsakuwa, da baƙaƙen ƙwayoyi, da waɗanda ƙwaro ya huda, da masu funfuna. Kada ka wanke ta da ruwa, domin a bushe ake so ta shiga kasko.

Bari mu ɗauki giram 200, wato kimanin cikin gwangwanin madara biyu. Wannan ya isa wa kasko matsakaici, yadda ƙwayoyin za su rufe gindinsa ba tare da sun yi tudu ba. Kaskon ya zama mai kauri, na ƙarfe ko na ƙasa, wanda babu maiƙo a jikinsa, domin gahawa tana ɗaukar warin duk abin da ta tarar. Siririn kasko yakan yi zafi a wuri ɗaya ya ƙone abin da yake kansa. Ba a zuba mai. Ni ba na zuba yashi ma, ko da yake da shi ake suyar gyaɗa. Kowace ƙwayar gahawa tana da tsaga a cikinta, yashi yakan maƙale a nan, ya bi ka har cikin turmi.

Kafin ka ɗora kasko, shirya wurin. Ina yin tawa a tsakar gida, a kan kurfoti, bayan gawayi ya gama ci ya zama garwashi. Kada ka yi wannan aiki a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma gahawar kanta za ta ƙara nata hayaƙin. Ajiye babban tire na ƙarfe, da mafici, da murfin kasko, da tsumma mai kauri, duk a inda hannunka zai kai. Ka nisantar da yara, ka kuma faɗa wa mai ciwon asma ya koma can gefe. Lokacin hunturu nakan jingina tabarma nesa kaɗan ta tare iska, in ba haka ba gefe ɗaya na kaskon ya yi zafi, ɗayan ya huce.

Bar kaskon ya ɗauki zafi na minti biyu ko uku, sannan ka zuba, ka fara juyawa da cokalin katako. Daga wannan lokaci hannunka ba zai huta ba har a sauke. Dalili kuwa, gefen ƙwaya da ya taɓa ƙarfe shi kaɗai ne yake samun zafi sosai, kuma gahawa tana son kwanciya a kan shafaffen cikinta. Idan ka tsaya amsa sallama, za ka dawo ka tarar da baƙaƙen tabo.

Minti huɗu ko biyar na farko kamar ba abin da yake faruwa. Ruwan da yake cikin ƙwayar ne yake fita, don ko busasshiyar gahawa tana riƙe da ruwa kimanin kashi 11 cikin 100 na nauyinta. Abin da kake gani yana tashi tururi ne, ba hayaƙi ba. Kore zai koma rawaya, wari ya koma na busasshiyar ciyawa. A nan ne mai gaggawa yakan ƙara wuta, kuma ba na ba ka shawarar haka. Zafi yana bukatar lokaci kafin ya ratsa zuwa tsakiyar ƙwaya.

Bayan haka rawaya za ta koma ruwan ƙasa mai haske, ƙamshi ya zama kamar na gasasshen burodi. Wata siririyar fata za ta fara saɓulewa daga jikin ƙwayoyin tana tashi kamar ƙaiƙayi. Ka riƙa hure ta a hankali zuwa gefen da babu wuta, domin tana kamawa da wuri. Kada launi ya rikita ka a wannan mataki. A kasko ba a samun launi bai ɗaya, wasu ƙwayoyin sukan riga wasu.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Wajen minti na takwas zuwa na goma za ka ji ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Sai wata, sai wata, har su yawaita kamar gugguru yana fashewa. Wannan ita ce fashewar farko. Sauran ruwan da yake ciki ne ya zama tururi, ya rasa hanya, ya tsaga ƙwayar, ta kumbura. Masu auna zafi sun ce hakan yana faruwa ne kusa da digiri 200, wato ninki biyu na zafin tafasasshen ruwa. Daga nan gahawa ta shawu. Idan ka sauke da zarar ƙarar ta lafa, za ka sami mai ɗan tsami da ƙamshin 'ya'yan itace. Ni nakan janye garwashi kaɗan, in ƙara minti ɗaya da rabi ko biyu, har ta yi launin dabino busasshe. A ganina, a nan gahawar Mambila ta fi daɗi, tsamin ya kwanta, ɗacin bai taso ba.

Idan ka ci gaba, za a yi ɗan shiru, sannan fashewa ta biyu ta zo. Ƙararta siririya ce, mai sauri, kamar an watsa gishiri a wuta. Mai zai tsattsafo a jikin ƙwayoyin su riƙa sheƙi, hayaƙi ya yi kauri, ya koma shuɗi-shuɗi, yana yaji a ido da maƙogwaro. Akwai masu son irin wannan baƙar suya, musamman idan za a dafa ta da citta da sukari kamar yadda ake yi a Sudan. Amma tsakanin nan da gawayi bai fi minti ɗaya ko biyu ba. Idan ƙamshi ya juye ya zama ƙauri, an wuce wuri. In kuwa wuta ta kama cikin kaskon, kada ka hura, kada ka ɗauke shi ka yi gudu. Rufe shi da murfi, ka sauke da tsumma, ka bar shi a rufe har ya huce.

Ga abin da nake so ka fi riƙewa. Sauke kasko daga wuta ba ya tsayar da suya. Ƙwayoyin sun tara zafi a cikinsu, kuma idan suna tare a wuri ɗaya za su ci gaba da soya juna. Saboda haka ka sauke tun launin bai kai yadda kake so ba, ka bar ɗan rata. Juye su nan take a kan tiren ƙarfe, ka baza, ka yi ta fifita kana motsawa. Kada ka zuba a roba, za ta narke, kada kuma ka kai yatsa. Bayan minti ɗaya ko biyu, idan zafin ya ragu, sai ka mayar faifai ka bakace. Bakacen yana aiki biyu, yana sanyaya ƙwayar, yana kuma kore sauran fatar. Cikin minti huɗu ko biyar ya kamata ka iya damƙar su da hannu. A zafin Jalingo na watan Maris wannan sai da ƙoƙari, shi ya sa nake yin suya da sassafe.

Da ta huce, ɗauki ƙwaya ɗaya ka fasa. Idan launin ciki da na waje sun yi kusa, suya ta yi. Idan waje baƙi ne, ciki kuwa fari-fari, wuta ta yi yawa tun farko, kuma za ka ji ɗaci da bauri a kofi ɗaya. Idan ka shafe fiye da minti ashirin ba ka ji fashewa ba, wuta ta yi kaɗan, abin sha zai fito lami. Mai sikeli yana da wata hanyar. Giram 200 ɗin nan, a matsakaiciyar suya, zai dawo kimanin giram 170, wato an rasa kashi 15 cikin 100, ko da yake a ido ta ƙara yawa saboda kumburi. Idan ya sauka zuwa 160, suyar ta yi baƙi. Za ka kuma ga 'yan ƙwayoyin da suka ƙi yin duhu duk daɗewarsu a wuta. Waɗannan tun a gona ba su nuna ba, ɗanɗanonsu kamar na tsohuwar gyaɗa ne, sai ka tsince su.

Mutanen Habasha sukan soya, su daka, su dafa a zama ɗaya, kuma ba laifi. Ni nakan bar tawa ta kwana ɗaya ko biyu, domin sabuwar suya tana ta fitar da iska, kuma ɗanɗanonta ya fi daidaita bayan ta huta. Zuba ta a busasshiyar kwalba, kada ka ɗaure murfin tamau a daren farko, sannan ka ajiye ta nesa da rana da daddawa da yaji. Ka riƙa daka iya abin da za ka sha kawai, a turmin da ba a dakan tattasai a cikinsa. Giram 170 zai ba ka kofi goma sha biyu ko fiye, kuma gara ka shanye cikin mako biyu, kafin ƙamshin ya fara gudu.